Yadda Za Ki Faɗi Rangwame A Yarda Da Ke

A wannan mako maganarmu ta masu 'yar sana'a ce, musamman waɗanda ke sayar da atamfa da leshi da mayafai a cikin gida, ko a ɗan kanti a ƙofar gida.

Kowace mai wannan sana'a ta san abin da kan faru in Salla ta wuce. Ciniki yakan tsaya cik, ga kaya sun yi kwantai a akwati, ga uwar kuɗi ta maƙale a cikinsu, ba halin komawa sari. Sai mace ta ce bari ta rage kuɗin kayan don su tafi. Ta rage kuwa da gaske, har ribarta ta kusa ƙarewa. Amma da ta ce wa maƙwabciya, "Da kaza ne, yanzu na mayar da shi kaza," sai maƙwabciya ta yi murmushi, ta ce, "Haba Yaya, faɗi gaskiyar kuɗinsa dai." Watau ba ta yarda an taɓa sayar da kayan nan a kuɗin da aka ambata ba. To, ga asara biyu ke nan: riba ta tafi, kuma ba a gode ba.

Abin da nake so ki lura da shi shi ne, mai saye ba ta shakkar sabon kuɗi, gama shi ne za ta ƙirga ta ba ki. Tsohon kuɗin take shakka. Saboda haka duk aikin yana wurin tsohon kuɗin nan: wanne za ki ambata, da kuma yadda za ki faɗe shi har ya zama wadda ta so bincike ta bincika ta tarar haka ne.

Kaya ɗaya, kuɗi biyu

A cinikinmu na Hausa kowane kaya yana da kuɗi biyu. Akwai wanda mai kaya takan fara yankawa in an ce mata, "Nawa?" Sa'an nan akwai wanda takan sallama bayan an yi tayi, ta ce albarka, an ƙara, ta sāke cewa albarka, har ciniki ya faɗa. Kowa ya san na farkon nan ƙofar ciniki ce kurum, ba wadda ke biyansa sai baƙuwa ko mai gaggawa. Babu laifi a cikin wannan, al'ada ce, mai saye da mai sayarwa duk sun san dawan garin.

Inda laifi ke shigowa shi ne ranar da za a yi shelar rangwame. Sai mai kaya ta ɗauko kuɗin farko, wanda ba ta taɓa karɓa a hannun kowa ba, ta ce shi ne tsohon kuɗin kayan. A ranta ba ta ɗauka ƙarya ta yi ba, tun da yake lalle haka take yanka wa mutane. Amma matan unguwa sun san abin da suka biya. Kowace ta saya ta gaya wa kishiyarta da ƙawarta, an kuma yi zancen a gidan suna. Da sun ji wani kuɗi dabam sai su ce ashe ƙari ta yi don ta rage.

To, ga ƙa'idar da za ki riƙe, ita ce kuma gindin wannan magana duka. Tsohon kuɗin da za ki ambata shi ne wanda kika fi sallamawa a kansa, kuɗi hannu, a kwanakin da suka gabaci rangwamen. Wanda kike yankawa ba ya cikin lissafi, haka kuma wanda wata baƙuwa ta taɓa biya sau ɗaya.

Mu yi lissafi

Bari in kawo misali mu bi shi daki-daki, kamar yadda mukan yi da yara a aji. Kuɗin da zan ambata na misali ne, ke sai ki sa naki.

A ce wata uwargida ta aika Kantin Kwari a Kano aka saro mata atamfa turmi 40, mai yadi 6, kowane turmi a kan naira 9,000. Kuɗin sari ya kama 360,000 ke nan. Kuɗin mota da na dako da ladan wanda aka aika suka tashi 12,000. In an raba 12,000 ga turmi 40, kowane turmi ya ɗauki 300. Ashe kowane turmi ya iso ɗakinta a kan 9,300. Wannan ita ce uwar kuɗinta, ba 9,000 ba, kuma mata da yawa a nan sukan fara yin kuskure.

Tun daga farkon Sha'aban har daren Salla tana yanka wa mutane 14,000. Da ta buɗe littafinta bayan Salla sai ta ga ta sayar da turmi 28. A cikinsu, 3 sun tafi a kan 13,000, 21 a kan 12,000, 4 kuma a kan 11,500, waɗannan na 'yan'uwa ne da wata da ta ɗauki biyu gaba ɗaya. Ko turmi ɗaya bai tafi a kan 14,000 ba. Saura turmi 12 a akwati.

Wanne ne tsohon kuɗin atamfar nan? Lalle 12,000 ne, domin mutum 21 suna nan a gari waɗanda za su shaida haka suka biya. Masu 13,000 ba za su ƙaryata ta ba, tun da abin da ta ambata bai kai nasu ba. Masu 11,500 kuwa sun san alfarma aka yi musu. Amma da a ce a makon ƙarshe na azumi ta riga ta sauko tana sallama wa kowa a kan 11,500, to, 11,500 ne ya zama tsohon kuɗi, domin shi ne na baya-bayan nan da kowa ke iya samu.

Yanzu tana so ta mayar da turmi 10,000. Ragin ya zama 2,000. Ribarta a kowane turmi ta koma 700, a turmi 12 kuwa 8,400, kuma 120,000 za su dawo hannunta ta koma sari. Wannan rangwame ne na gaskiya, gama da tana cin 2,700 a turmi.

Dubi abin da zai faru in ta ce, "Da 14,000 ne, yanzu 10,000." A kunne ragin 4,000 ya fi na 2,000 daɗi. Amma duk matan da suka saya sun san ba su biya 14,000 ba. Ta farko da za ta ji shelar za ta ce, "Ai ni 12,000 na saya." Daga nan ba wadda za ta ƙara yarda da ko da 10,000 ɗin, za a riƙa taya mata 8,500, abin da bai kai uwar kuɗi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a unguwa ɗaya.

Sai kuma maganar kashi cikin ɗari, wadda masu kantuna ke so. Shawarata ita ce ki faɗi ragin da naira, domin naira ake kashewa, kowa kuma ya san abin da 2,000 ke saye a cefane. In kuwa lalle sai kin faɗi kashi, to, ki raba ragin da tsohon kuɗi, kada ki raba da sabo. 2,000 cikin 12,000 ɗaya bisa shida ne, watau kashi 16 da 'yan kai cikin ɗari. Wadda ta raba 2,000 da 10,000 za ta sami kashi 20, kuma wannan kuskure ne. Duk ranar da ɗan makarantar wani gida ya yi lissafin ya ga bai fita ba, ba za a ce kuskure kika yi ba, za a ce wayo ne. In lissafi ya bar 'yan kai, ki sauko ƙasa ki ce 16, kada ki hau sama.

Kwana nawa kuɗi zai yi kafin a ce da shi tsoho?

Akwai wata dabara da wasu 'yan kasuwa ke yi, ina roƙonki ki guje ta. Sai su ɗaga kuɗin kaya na kwana biyu ko uku, sa'an nan su mayar da shi inda yake, su ce sun yi rangwame. Wannan dabara ba a ƙasarmu kaɗai ake yinta ba. Saboda ita ne ƙasashen Tarayyar Turai suka kafa doka, wadda ta fara aiki a 2022, cewa duk mai shelar ragi, tsohon kuɗin da zai nuna shi ne mafi ƙanƙanta da ya sayar da kayan a cikin kwana 30 da suka wuce. Dokar nan ba ta hau kanmu ba, amma ma'auni ne mai kyau, kuma mai sauƙin riƙewa. Ki duba littafinki wata ɗaya baya. Kuɗin da kowa ke iya samun kayan a kansa a cikin watan nan, shi ne za ki ambata.

Wannan ma'auni yana da amfani ƙwarai a lokacin da kaya ke tashi. A ce atamfar ta yi wata biyu tana 12,000, sai kika ji sari ya tashi a Kwari, kika mayar da ita 13,500 ranar Litinin, ba wadda ta saya, ranar Juma'a kuma kika dawo 12,000. To, ba ki yi rangwame ba, kin koma inda kike ne. Abin da za ki ce shi ne, "Sari ya tashi, amma wannan tsohon kaya ne, na bar shi a tsohon kuɗinsa." Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ma tana jawo ciniki.

A nan Nijeriya ma akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019, da hukumar da ake kira FCCPC mai lura da ita. Dokar ta hana ɗan kasuwa faɗin abin da zai ruɗi mai saye game da kaya ko kuɗinsu, ta kuma hana a karɓi fiye da kuɗin da aka rubuta a jikin kaya. Tun kafin wannan kuwa, duk wadda ta karanta Risala a makarantar Islamiyya ta san babin ciniki ya hana algus da yaudara da ɓoye aibin kaya. Ƙirƙirar tsohon kuɗi don a nuna ragi mai yawa yaudara ce, ko da kayan kansu ba su da aibi.

Har wa yau, ki gwada abu da irinsa. Mata da yawa suna da kuɗin bashi dabam, na hannu dabam. In wadda za ta biya ƙarshen wata takan ɗauka a kan 13,000, mai kuɗi hannu kuma 12,000, kada ki ce, "Da 13,000 ne, yanzu 10,000 kuɗi hannu." Kin haɗa doki da jaki. Haka nan in da turmi mai yadi 6 ne, na yanzu kuwa an yanke shi ya koma yadi 5, ko kuwa wancan ɗan wani kamfani ne, wannan mai kama da shi ne kurum, to, ba kaya ɗaya ba ne, ba kuma za a ɗora kuɗin wancan a kan wannan ba.

Yadda za a tsara maganar

In kin tabbatar da tsohon kuɗi, saura faɗa. Ko da baki ne, ko a takarda a jikin kaya, ko a saƙon waya zuwa ga masu sayenki, abu huɗu nake so maganar ta ƙunsa.

Na fari, tsohon kuɗi tare da lokacinsa. "Da 12,000 ne" magana ce a iska. "12,000 na sayar da shi tun Sha'aban har daren Salla" magana ce mai tushe, domin wadda ta ji tana iya tambayar wadda ta saya a lokacin. Da zarar kin ba mutum hanyar bincike, yawanci ba ya ma binciken, gama ya san maƙaryaci ba ya nuna hanyar da za a kama shi.

Na biyu, sabon kuɗi da abin da aka rage, a fili, da naira.

Na uku, dalili. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, sun kuma ce araha ba ta ado. In mace ta ga an rage kuɗin kaya ba a faɗi dalili ba, ita za ta nemo dalilin da kanta, kuma ba mai kyau za ta nemo ba. Za ta ce ko atamfar tana zuba, ko ɓera ya taɓa, ko kuwa da can cutar mutane ake yi. Ki riga ta. Dalilin gaskiya gajere ne: Salla ta wuce, ina son kuɗi in koma sari. Ko kuwa: zanen ya kwana biyu, sabo ya fito. In kuma aibi ne ya sa, kamar rana ta ci gefen turmi, ko akwai tabo a yadi na ƙarshe, ki faɗa, ki warware turmin ki nuna wurin da yatsa.

Na huɗu, iyaka, watau turmi nawa ne, kuma yaushe ragin zai ƙare, da sharaɗin da ke kansa.

Ga yadda uwargidan misalinmu za ta rubuta nata:

"Salamu alaikum. Atamfar nan mai yadi 6 da na sayar a kan 12,000 tun Sha'aban har daren Salla, saura turmi 12. Na mayar da ita 10,000, watau na rage 2,000 a kowane turmi, domin ina so in koma sari. Ba ta da wani aibi, kowa na iya warwarewa ta duba. Kuɗi hannu ne, babu tayi. Ragin zai tsaya ran 20 ga watan Salla, abin da ya saura zai koma 12,000."

Ki karanta shi sau biyu. Ba rantsuwa a ciki, ba kirari, kowace jimla kuma abu ne da ake iya ƙirgawa ko a tambaya. Gwada shi da irin wanda muka saba gani:

"Garaɓasa! Garaɓasa! Wallahi faɗuwa nake yi! Atamfar 15,000 ta koma 10,000! Ku yi sauri kafin ta ƙare!"

Kuɗin da za a biya ɗaya ne a saƙonnin nan biyu. Amma na biyun bai ce wa ya taɓa biyan 15,000 ba, ko yaushe, ko a ina. Wadda ta karanta shi za ta zo da niyyar tayi, wadda ta karanta na farko kuwa za ta zo da kuɗinta a ɗaure.

Kalmomin da ke kashe magana

Akwai 'yan kalmomi da nake so ki cire daga bakinki ranar rangwame.

Ta fari ita ce rantsuwa. Malamai sun daɗe suna gargaɗi cewa yawan rantsuwa a ciniki yana tafiyar da albarka. Ban da wannan ma, kunnen masu saye ya saba da ita har ba ta da nauyi. Adadi ɗaya da za a iya tabbatarwa ya fi rantsuwa goma aiki.

Ta biyu ita ce "faɗuwa nake yi." Uwargidan misalinmu ba faɗuwa take ba, tana da 700 a turmi. Ba dole ba ne ki gaya wa kowa abin da kika saro kaya, wannan sirrinki ne, kina iya yin shiru. Amma in kika buɗe baki kika ce, "A kan kaza na saro," to, wajibi ne ya zama gaskiya, domin mai saye ta dogara da amanarki ne a nan. Kuma kada ki manta, wasu daga cikin masu sayenki suna da 'yan'uwa a Kwari, tambaya ɗaya ta isa.

Ta uku ita ce "a kasuwa 15,000 ne." Wannan ba tsohon kuɗinki ba ne, kuɗin wani ne, kuma watakila shi ma na yankawa ne. In ba ke kika je kika taya aka sallama miki a wannan makon ba, ki bar zancen kasuwa. Ki tsaya a kan abin da littafinki ya shaida.

Ta huɗu ita ce "ragi har zuwa rabi," alhali kuwa mayafi ɗaya tak ne aka raba kuɗinsa biyu, sauran kayan an ɗan taɓa su ne kurum. Wadda ta taso daga wata unguwa saboda rabin nan, ta biya kuɗin mota, ta zo ta tarar da haka, ba za ta sāke dawowa ba. In kaya iri-iri ne, kowane iri a rubuta masa nasa tsohon kuɗi da sabo.

In dillaliya ce ke kai miki kaya gida-gida, ko yarinya, ki zaunar da ita ki maimaita mata maganar har ta riƙe, in ya yiwu ki liƙa 'yar takarda a kowane turmi da kuɗin biyu a rubuce. Ki kuma yanke mata la'adarta tun da wuri, a san daga ina za ta fito. In ba haka ba, ita za ta ƙara wa tsohon kuɗin gishiri don ciniki ya yi sauri, ko ta ɗora nata a kan sabon, sunanki kuwa shi zai ɓaci.

Abin da zai biyo baya

Magana mai kyau ba ta isa ba sai an cika ta. Gwajin farko zai zo ran da wata za ta taya 9,500. In kin ce babu tayi, to, babu. Ki ce mata da fara'a, "Yi haƙuri Hajiya, wannan shi ne na sallamawa, na riga na cire abin da za a taya." In kika sallama mata, kafin la'asar labari ya zaga cewa 10,000 ɗin ma na yankawa ne.

Gwaji na biyu zai zo daga wadda ta saya a kan 12,000 kwana biyu kafin ragin. Za ta zo da fushi, kuma tana da ɗan dalili. A shari'a cinikinta ya riga ya ƙulle, ba ta bin ki kome. Amma ki yanke wa kanki ƙa'ida tun kafin shela, misali duk wadda ta saya cikin kwana 3 kafin ragin za ki cire mata 2,000 a sayayyarta ta gaba. Ki sa wannan a lissafi. In mutum biyu ne, 4,000 za su fita daga ribar nan ta 8,400, saura 4,400. Ki duba ko za ki iya. Waɗanda suka saya tun azumi kuwa sun riga sun ɗinka sun yi kwalliyar Salla, sun ci moriyar kuɗinsu, ba wadda za ta ga laifinki. Ki sani fa, waɗannan matan su ne shaidunki a kan 12,000, bai kamata ki bar su da ɓacin rai ba.

Gwaji na uku shi ne ranar ƙarshe. Ran 21 ga wata wata za ta zo ta ce a ba ta a kan 10,000. In saura turmi 3, zuciya za ta ce ki ba ta ki huta. Amma kin yi shela cewa abin da ya saura zai koma 12,000. In ba za ki iya cika wannan ba, kada ki faɗe shi tun farko. Ki ce kurum, "Ragin yana nan har turmi 12 ɗin su ƙare." Wannan ma iyaka ce ta gaskiya, muddin ba ki riƙa ciko akwatin da sabon sari kina cewa saura 12 ba.

Ki lura kuma, in ragi ya daɗe ya fi kwanakin da kaya suka yi a tsohon kuɗi, ya tashi daga ragi. Atamfar da ta yi wata biyu tana 12,000, sa'an nan ta yi wata huɗu tana 10,000, kuɗinta 10,000 ne. Sai a cire tsohuwar takarda a daina ambaton 12,000.

Yaya za ki gane ko an yarda da ke? Alamun a fili suke. In masu saye suna zuwa da kuɗin cif, suna tambayar launi da zane, ba sa tambayar "gaskiyar kuɗi," to, maganarki ta zauna. In kuwa kowa ta zo sai ta taya ƙasa da sabon kuɗin, ko kika ji ana cewa, "Ku bari sai ta yi ragi," to, ɗayan biyu ne: ko an taɓa kama tsohon kuɗinki da ƙari, ko kin cika yin ragi har mutane sun daina ɗaukar kuɗinki na kullum da gaske. Maganin na biyun shi ne ki taƙaita, sau biyu a shekara ya isa, bayan ƙaramar Salla da bayan babba.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da littafi. Ki sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ki ja layi huɗu a kowane shafi: rana, irin kaya, kuɗin da aka sallama, hannu ko bashi. Wadda ba ta iya boko ba ta rubuta da ajami, ko ta sa 'yarta ta rubuta mata kowane dare. Ran da wata ta ce, "Anya kuwa an taɓa sayensa 12,000?" ba sai kin rantse ba. Ki rufe sunayen mutane da tafin hannunki, don ba a tona asirin mai saye, ki nuna mata layin kuɗi ta ƙirga da kanta.

Allah ya sa albarka a cikin sana'armu, ya tsare mu da cin haƙƙin wani, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.